Yadda za ki san aƙidarsa da tsarin gidansu ba tare da kin titsiye shi ba

"Malama, ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos, gidanmu a Unguwar Rogo. Wani ɗan Rikkos yana nemana, a Abuja yake aiki, sau biyu a wata yake zuwa zance. Gidanmu 'yan Tijjaniyya ne, shi kuma ina ganin kamar ɗan Izala ne. Ina so in san wannan, da inda zai ajiye ni, da ko zai bar ni in ci gaba da aiki. Wanda ya neme ni kafin shi na jero masa tambayoyi, ya ce ai ba intabiyu ya zo ba, bai sake dawowa ba. Yaya zan yi?"

'Yata, abubuwan nan uku da kika ambata su ne ake kawo mana ƙara a kansu kullum a zaman sulhu, kuma kusan duk wadda ta zo takan ce, "Wallahi na tambaye shi kafin aure, ya ce babu matsala." To kin ga ba rashin tambaya ba ne ya kawo su gabanmu. Sun yi tambayar, amma irin wadda amsarta a fili take. Idan kika ce wa mai neman aurenki, "Za ka bar ni in yi aiki?" ya riga ya san amsar da za ta faranta miki, kuma a wannan daren yana sonki, don haka ita zai ba ki. Sau da yawa ba ma ƙarya yake yi ba, bai taɓa zama ya yi tunanin abin ba ne. Kin ɓata masa rai da titsiye, ke kuma ba ki tashi da komai ba.

Abin da nake koya wa 'yan mata shi ne su fara da nasu. Ki faɗi yadda kike da yadda gidanku yake, ki yi shiru, ki bar shi ya ɗora nasa. Wannan ba dabarar zamani ba ce. Lokacin da Annabi (SAW) ya aika neman auren Ummu Salama, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, abin da ta fara aikawa da shi shi ne tana da 'ya, kuma ita mace ce mai kishi. Ta ajiye halinta a fili, shi kuma ya ba da amsa a kan kowanne. Wanda aka buɗe masa ciki yakan ji nauyin ya rufe nasa, wanda kuwa aka tsare da tambaya kare kansa yake fara yi.

Abu na biyu, ki nemi labarin abin da ya riga ya faru, ki bar neman alkawarin abin da zai faru. Alkawari a baki yake, ana ƙera shi nan take. Labarin yadda yayarsa take zaune a gidan mijinta, ko yadda aka yi bikin wansa, wannan ya riga ya wuce, kuma a yadda yake ba da shi za ki ji wanda yake gani da gaskiya. Kuma magana ɗaya a zama ɗaya. Tun da sau biyu a wata yake zuwa, cikin wata biyu kin gama abin da kike so ki sani, ba tare da ya ji an sa shi a gaba ba. Kada ki yi waɗannan maganganu ta saƙon waya. A rubuce mutum yana da lokacin gyara amsa, har ya nuna wa aboki, ke kuma ba ki ga fuskarsa ba lokacin da maganar ta same shi.

Bari mu bi naki ɗaya bayan ɗaya, mu fara da aƙida, don ita ce ta fi buƙatar lallami a garin nan. A Jos aka kafa Izala a 1978, kuma tun daga lokacin akwai gidajen da uba yake wazifa, ɗa yana masallacin Izala, suna cin abinci a kwano ɗaya. Akwai kuma gidajen da abin ya raba zumunci. Saboda haka sanin cewa shi ɗan Izala ne bai gaya miki komai ba tukuna, kuma tambayar "Kai ɗan Izala ne ko ɗan ɗarika?" ita ce mafi muni da za ki yi, domin tana sa mutum ya ɗauki tutar ƙungiya ya fara kare ta. Abin da zai shafi zamanku ƙanana ne kuma sanannu: idan watan Maulidi ya kama, zai bar ki ki zo gida? Idan ya zo gaishe da Baba aka kira salla, zai bi shi? Wace Islamiyya 'ya'yanku za su shiga, kuma me za a gaya musu game da kakansu?

Ga yadda za ki shigo da ita. Kuna cikin hira sai ki ce, "Jiya ban samu barci da wuri ba, Baba sun yi baƙi bayan wazifa, ni na yi ta hidimar shayi. Gidanmu haka yake, in watan Maulidi ya zo ma ba ma zama." Daga nan ki ja bakinki. Shirun nan shi ne aikin, kuma shi ne 'yan mata suka fi kasa yi, sai su yi sauri su rufe da dariya ko su canja magana. Ki bar shi ya cike gurbin.

Amsarsa za ta faɗa ɗaya daga cikin uku. Zai iya cewa, "Ni ba na yi, amma kawuna muƙaddami ne, in na je Bauchi a gidansa nake sauka." Wannan mutum ya san yadda ake zama da saɓani, kuma ya ba ki sunan wanda za a iya tambaya. Zai iya gyara zama ya fara jawo miki hujjoji a kan bidi'a. Kada ki yi musu, kada kuma ki ji haushi, domin ya yi miki alheri, ya nuna miki kansa da wuri. Ki bari ya gama, sannan ki ce a hankali, "To idan muna tare, lokacin ya zo ina so in je wajen su Mama, yaya kake ganin za mu yi?" A nan tambayar ba ta zama titsiye ba, shi ya kawo ku wurin. Na ukun shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, wanda zai yi murmushi ya ce, "Ai a hankali za ki gane." Wannan ya riga ya yanke cewa gyara ki zai yi bayan an kai ki ɗaki, kuma yana ganin lada zai samu. Ban ce mugu ba ne. Na dai ce ki san abin da za ki shiga, ki tambayi kanki tsakaninki da Allah ko za ki iya barin abin da aka raine ki a kai.

Ki kuma lura da abin da ba sai an yi magana ba. Idan yana wurinki aka kira magariba, me yake yi? Yana tashi ya bi masallacin layinku, ko yana cewa sai ya koma unguwarsu? Ƙannenki maza za su gaya miki wannan ba tare da kin tambaye shi ba. Maganar biki ma hanya ce mai sauƙi. Ki ba shi labarin bikin wata ƙawarki, an yi kamu an yi kiɗa, ki ji ko zai ce a gidansu walima kawai ake yi, da wa'azi. Daga nan maganar niƙabi da fita unguwa kan biyo baya da kanta.

Sai batun gida, wanda a wurina ya fi na aƙida haɗari a irin aurenku, domin mutumin yana Abuja, mahaifiyarsa tana Jos. Tsarin da muka fi gani shi ne a ɗaura aure, a ce amarya ta ɗan zauna a gidan su miji "kafin a samu wuri", shi yana zuwa ƙarshen mako. Kafin a samu wurin sai a yi haihuwa biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haya a cikin Abuja tana da tsada, kuma ta shekara ake biya gaba ɗaya, shi ya sa ma'aikata da yawa suke kwana a Mararraba, Masaka, Suleja ko can cikin Lugbe, wasu ma ɗaki ɗaya suke haɗawa da abokai. Saurayin da yake zaune haka ba zai so ya faɗa miki ba, kuma idan kika ce "A ina za ka ajiye ni?" zai ji kamar aljihunsa kike leƙawa.

Ki bi ta hanyar wahalarsa. Ki ce, "Ƙarfe nawa kake fita da safe? Na ji an ce cunkoson hanyar Nyanya ba a magana." Namiji yana son a tausaya masa a kan wahalar nema, kuma a cikin amsar za ki ji unguwar da yake, da ko shi kaɗai ne a ɗakin, da ko yana da niyyar tashi. Wani zaman kuma ki tambayi lafiyar Hajiya, ki ce, "Wa yake kula da ita yanzu da ba ka gari?" Wannan tambaya ce ta ladabi, babu wanda zai ji haushinta, amma amsarta tana ɗauke da rabin rayuwarki. Idan ya ce matar yayansa tana gidan, sai ki ce, "Allah sarki, tun yaushe take tare da ita?" Idan shekara shida ke nan, mijinta yana Kaduna, to kin ga tsarin gidan. Idan ya ce, "Ai shi ya sa nake so in yi auren nan da wuri, Hajiya ta gaji," to ya gaya miki inda za ki zauna ba tare da ya sani ba.

Kada ki ɗauka ina cewa zama da uwar miji aibi ne. Na san matan da surukarsu ta zame musu uwa, ita ta riƙe musu yara har suka gama karatu. Abin da yake kashe aure shi ne mace ta shiga da zaton Abuja ta tarar da Rikkos. Haka kuma ki kiyaye harshenki sosai a nan. Kalma ɗaya da za ta yi kama da kina gudun mahaifiyarsa ta isa ta rufe bakinsa har abada, kuma za ta iya kaiwa kunnen 'yan'uwansa mata. Ki faɗi abin da kike so, ki bar faɗin abin da ba kya so. "Ni dai burina in zauna inda mijina yake, ko ɗaki ɗaya ne" magana ce da ba ta taɓa kowa ba, kuma ta sauke masa nauyin jin cewa sai ya kama babban gida.

Ki saurari yadda yake ambaton yanke shawara a gidansu. Wanda yake cewa "zan yi shawara da Hajiya" daban yake da wanda yake cewa "sai yadda Hajiya ta ce". Na farko yana girmama ta kuma yana da ra'ayi. Na biyun, duk abin da kuka ƙulla a zaure ba a gama shi ba sai an kai mata. Ki ji kuma nauyin da yake kansa: kuɗin makarantar ƙanne nawa yake biya, shi ne babba ko akwai na gaba da shi. Wannan yakan fito da kansa idan kika fara faɗin naki, misali cewa ke kike biya wa autarku kuɗin makaranta kuma kina so ki ci gaba bayan aure.

Aiki kuwa, kada ki taɓa tambayarsa a dunƙule. Maza da yawa da suka ce sun yarda mace ta yi aiki, a ransu malamar makaranta suke gani, wadda za ta dawo kafin la'asar. Aikinki ba haka yake ba. Akwai aikin dare, akwai ranar Salla da za ta same ki a asibiti, akwai majinyata maza da za ki taɓa, akwai likitan da zai kira ki a waya da tsakar dare. Ki ba shi labarin mako guda na aikinki kamar yadda yake, har da daren da kika kwana a tsaye, ki ga fuskarsa. Idan ya ce "Sannu, to wa yake kai ki in dare ya yi?" yana tunanin yadda za a yi ne. Idan ya ce "Ai wannan wahalar ta kusa ƙarewa," ki tsaya a nan ki ce, "Ta yaya?" cikin murmushi. Sau da yawa a nan ake jin cewa shirinsa shi ne ya buɗe miki kyamis a ƙofar gida.

Akwai kuma lissafin da ku biyu ya kamata ku yi tare. Lasisinki na jinya yana aiki a ko'ina a ƙasar nan, amma gurbin aikinki ba zai bi ki ba. Idan a asibitin jiha kike, komawa Abuja yana nufin neman sabon aiki, kuma ana iya ɗaukar lokaci. To a tsakanin nan fa? Za ki ajiye na hannu ki bi shi, ko za ki zauna a Jos har a samu? Idan za ki zauna, a gidan wa? Kin ga maganar aiki ta koma maganar gida. Ki kawo ta a matsayin matsalar da kike neman shawararsa a kai: "Abin nan yana damuna, ban san yadda za a ɓullo masa ba, kai me ka gani?" Mutumin da aka nemi shawararsa yakan faɗi ainihin abin da yake ransa, domin yana jin an ba shi girma.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi masa kwana-kwana ba, shi ne gwajin jini. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ki faɗi naki tun a zama na biyu ko na uku, ki nemi ku je a gwada tare a wurin da kika amince da shi, kafin zuciya ta yi nisa kuma kafin manya su shigo.

Yanzu iyakar wannan hanya. Hira mai daɗi tana nuna miki mutum, amma ba ta ɗaure shi. Wasu abubuwan ma ba aikinki ba ne, aikin waliyyinki ne. Ko ya taɓa aure, me ya raba su, ko aikin da ya ce yana yi gaskiya ne, yadda yake idan ya yi fushi, waɗannan bincike ake yi a unguwarsu da wurin aikinsa. Fatima bint Ƙais ta je wa Annabi (SAW) da maganar mutum biyu da suke nemanta, ya gaya mata cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya nuna mata Usama. Faɗin gaskiya a kan mai neman aure ba gulma ba ce. Rikkos da Unguwar Rogo ba nisa, kawunki zai iya samun limamin layinsu a yini ɗaya. Na Abuja ne yake da wuya, domin can mutum yana iya shekara maƙwabcinsa bai san sunansa ba, don haka a nemi wanda suke aiki tare ko wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya.

Sannan kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, ko aƙalla kafin sa rana, dole a yi zama ɗaya na magana a fili. A wannan lokacin ba zai ji kamar intabiyu ba, domin ba sabon abu za ki kawo ba, abin da ya faɗa da bakinsa za ki maimaita: "Na fahimci cewa ba za ka hana ni zuwa gida lokacin Maulidi ba, zan ci gaba da aiki har da na dare, kuma zan zauna a Jos wata shida kafin in biyo ka. Haka ne, ko na ji ba daidai ba?" Idan ya gyara wani abu, kin gode Allah da aka gyara yanzu. Idan ya tabbatar, ki gaya wa Mama ko gwaggonki, su kai wa Baba, a faɗe shi a gaban wakilansa ranar da suka zo. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne na aure. Sai dai ki sani, a mazhabar Malikiyya da muke bi, sharaɗi irin na kada a fitar da mace daga garinsu ko kada a yi mata kishiya ana son miji ya cika shi, amma ba a tilasta masa ta hanyar shari'a idan alkawari ne kawai, saɓanin Hambaliyya da suka ɗaure shi da shi. Idan kina son abin ya yi ƙarfi, Baba ya zauna da malami masanin fiƙihu a tsara lafazin kafin ɗaurin aure. Ko ba a kai ga haka ba, maganar da aka yi a gaban kawunnansa tana da nauyin da ta zaure ba ta da shi, domin ranar da aka samu saɓani akwai waɗanda za a kira su ce sun ji.

Idan kuwa kin bi duk wannan a hankali, kin fara da naki, kin ba shi wata biyu, amma duk lokacin da magana ta matso sai ya ce "in mun yi aure za mu gani" ko "ba ki yarda da ni ba ne?", to matsalar ba daga salon tambayarki take ba. Ki daina neman sabuwar dabara. Ki gaya wa Baba abubuwa ukun da ba ki samu amsarsu ba, ya sa kawunki ya kira shi su zauna, namiji da namiji, kuma kada a karɓi komai daga gidansu sai an ji abin da ya ce.